Wasiƙa Zuwa Ga Malamina Na Zaure

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah Ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda almajiri yake yi wa malaminsa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ku da iyali da almajirai da duk wanda yake ƙarƙashin inuwarku. Ina gaishe ku da karatu, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a, ina kuma tambayar ƙarfin jiki. Wani abokin karatunmu na da, wanda Allah Ya haɗa mu da shi a masallacin Juma'a a nan Agege, shi ne ya ba ni labarin cewa har yanzu kuna fitowa zaure bayan sallar Asuba, sai dai idanu sun yi rauni, jikanku ne yake riƙe littafi yana ja muku baƙi ku kuna fassarawa da ka. Na yi farin ciki da jin kuna nan, na kuma ji kunya ƙwarai, domin shekara talatin da 'yan kai ke nan rabon da in durƙusa gabanku.

Mai yiwuwa sunan da ke ƙarshen takardar nan ba zai tuna muku da ni ba, saboda almajiran da suka zauna a kan tabarmar nan sun fi a ƙirga. Ni ne yaron nan ɗan Funtuwa da mahaifinsa ya kawo birnin Zariya a shekarar 1986 don ya koyi ɗinkin babbar riga, ya kuma roƙe ku da ku riƙa ba shi karatu da safe kafin ya tafi wurin maigidansa. Ni ne mai zama kusa da ƙofa ta hagun, wanda yakan zo da zare da allura a aljihu, har wata rana kuka ce mini in riƙa barin sana'a a waje in shigo da kunnuwana kawai. Na bar garin a 1992 na gangaro Legas neman abinci, kuma tun daga lokacin sau da yawa motarmu takan bi ta Kwangila ta karya hanyar Funtuwa, in ce a raina in na dawo zan tsaya, amma ban taɓa tsayawa ba. Wannan laifina ne, ba ni da uzurin da zan kawo, ina roƙon Malam ya yafe mini.

A hannunku na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan muka shiga Risala ta Ibn Abi Zaid, kuma a cikinta ne muka iso babin rabon gado a wani lokacin hunturu da ba na mantawa da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wannan babin, domin Allah Ya jarrabe ni da shi a cikin gidanmu, kuma ina ganin haƙƙi ne a kaina in gaya muku yadda karatunku ya yi aiki bayan shekaru masu yawa, da inda na yi tuntuɓe, da abin da ya tashe ni.

Ina tuna ranar da muka fara babin kamar jiya aka yi. Kun sa an naɗe tabarmar tsakiya, ƙasar zauren ta bayyana, kuka zaro wata 'yar jakar fata daga ƙarƙashin buzu kuka zazzage ƙwallayen dabino, kuka ce in ƙirga. Na ƙirga na samu ashirin da huɗu, sun yi santsi saboda yawan taɓawa. Kuka ce mana rabon da Allah Ya yanka da kanSa a cikin Suratun Nisa'i, a aya ta 11 da ta 12 da ta 176, guda shida ne: rabi, da rubu'i, da tumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. Kuka ce ashirin da huɗu ita ce lamba mafi ƙanƙanta da za a iya fitar da tumuni da sudusi da sulusi daga cikinta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙwallo ba, shi ya sa duk mas'alar da matar mamaci mai 'ya'ya ta haɗu da mahaifiyarsa a cikinta daga nan ake fara ta. Sannan kuka karanta mana hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari da Muslim, wanda yake umarni da a fara ba wa masu yankakken rabo nasu, abin da ya saura kuma ya tafi ga namiji mafi kusanci. Kuka maimaita mana sau uku cewa mai yankakken rabo shi ne farko, asaba kuwa mai jiran saura ne, in an rage ya ɗauka, in ba a rage ba ya yi wa mamaci addu'a ya tashi.

Da muka ɗan saba da ƙwallayen, sai kuka ba ni wata mas'ala a gaban sauran almajirai. Kuka ce mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba, in raba musu. Na ware wa matar tumuninta ƙwallo uku, na ware wa 'ya'yan sulusi biyu, wato goma sha shida, na ba uwa sudusinta huɗu, sai na duba na ga ƙwallo ɗaya tak ya rage, alhali uba ma sudusi yake da shi, huɗu yake nema. Na ce to a ba uba ɗayan da ya rage tunda abin ya ƙare. Ba ku yi mini faɗa ba, sai kuka tattara ƙwallayen kuka ce in sake, amma wannan karon in fara da uba. Na ba uba huɗu, uwa huɗu, 'ya'ya goma sha shida, sai ga shi ashirin da huɗu sun ƙare ƙaf, matar ba ta samu ko ɗaya ba. Kuka dube ni kuka ce, "Ka ga wanda ka ga dama ka sa a ƙarshe shi ne yake cutuwa. Wa ya ba ka ikon zaɓen wanda zai zo ƙarshe?"

Daga nan kuka sa hannu a aljihun rigarku kuka fito da wasu ƙwallaye uku kuka zuba a kan sauran, suka zama ashirin da bakwai, kowa ya samu adadinsa cif. Kuka yi mana bayani cewa dukiyar ba ta ƙaru ba, yankan ne ya ƙara ƙanƙanta, ta yadda ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa, kuma wannan shi ake kira aulu. Kuka ce mas'alar nan ita ce Mimbariyya, wadda ake ruwaito an tambayi Sayyidina Aliyu yana kan mumbari ya amsa cewa tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara, domin uku cikin ashirin da bakwai ɗaya bisa tara ne. Na daɗe ina mamakin yadda kuka riga kuka tanadi ƙwallaye ukun nan a aljihu tun daga cikin gida, sai daga baya na gane cewa kun san inda kowane almajiri zai faɗi tun kafin ya faɗi, kuna barinsa ne ya kai wurin da ƙafarsa.

Akwai kuma wani abu da kuke yi wanda a lokacin na ɗauke shi al'ada ce kawai ta hannu. Duk sanda za ku jera magada a ƙasa, kukan zana wa kowa da'ira da yatsa, sannan a ƙarshen layi ku zana wata da'ira ku bar ta babu komai a ciki. Da wani daga cikinmu ya tambaya, kuka ce wannan gurbin wanda bai iso ba ne. Kuka ce kafin a taɓa ko allura a dukiyar mamaci sai an amsa tambaya uku: me ya bari wanda nasa ne na haƙiƙa, me ake bin sa, kuma wa ya bari, na fili da na ɓoye. Na ɓoyen shi ne ciki. Kuka ce a mazhabar Imamu Malik idan matar mamaci tana da ciki ana dakatar da rabo har sai ta haihu, kuma jaririn yana gado ne idan ya faɗo da rai tabbatacce, wanda babbar alamarsa ita ce kuka. Kuka ƙara da cewa wannan tambaya ba a yin ta a zaure cikin maza, dattijuwa ake turawa ta tambayi mai takaba a keɓe, domin kunya takan sa mace ta yi shiru a kan haƙƙin ɗanta.

Allah Ya gafarta Malam, a shekarar 2021 Allah Ya yi wa yayana rasuwa a Funtuwa bayan gajeriyar jinya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi, kuma shi ne ya riƙe gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu. Ya bar mata ɗaya da 'ya mace guda mai shekara shida, wadda suka samu bayan dogon jira, ya bar mahaifiyarmu da ranta, ya bar mu shaƙiƙansa uku, ni da ƙanena da ƙanwarmu, sannan akwai wani ɗan'uwanmu da muke uba ɗaya da shi amma uwa kowa da tasa. Da yake dangi sun san na taɓa zama gaban malamai, bayan addu'ar bakwai sai dattawa suka ce in duba yadda rabon zai kasance kafin a kai maganar gaban alƙali.

Tambaya ta farko na bi ta yadda kuka koyar. Mun kira mutum uku da suka san farashin gidaje a unguwar suka yi wa gidansa kuɗi naira miliyan tara. Shagonsa na yadi da atamfa ne, 'yan kasuwa abokan sana'arsa suka ƙirga kayan turmi turmi, yadi yadi, suka tsaya a kan miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Babur ɗinsa aka yi masa kuɗi dubu ɗari shida, a banki kuma aka samu miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Jimla ta kama miliyan goma sha uku da dubu ɗari uku. A nan ne aka fara samun saɓani, domin wani daga cikin dangi ya sa keken ɗinki da firji da awaki biyu a cikin lissafi. Na tuna gargaɗinku cewa ba duk abin da ke cikin gidan mamaci ne na mamaci ba, na sa aka bincika, sai aka tarar keken da firjin kayan ɗakin matarsa ne da iyayenta suka yi mata, awakin kuma da kuɗin ɗinkinta ta saye su. Aka cire su daga takarda.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, saboda mai bashi ba kullum yake da bakin magana a gidan makoki ba. Mun sa an yi sanarwa a masallaci da kasuwa cewa duk mai bin marigayi ya zo. Wani dila da yake ba shi kaya daga Kano ya zo da littafinsa, muka gwada da littafin shago, suka dace a kan dubu ɗari takwas da hamsin. Sannan a cikin littafin shagon na ga wani layi da rubutun yayana inda ya rubuta cewa ya karɓi dubu ɗari uku na adashin maiɗakinsa ya zuba a kaya. Ita ba ta faɗa wa kowa ba, kuma na tabbata da ban ga layin nan ba da ba za ta taɓa faɗa ba. Wasu suka ce ai tsakanin miji da mata babu bashi, na ce musu a wurin Malam na ji cewa dukiyar mace tata ce, bashinta kuma bashi ne kamar na dila, ana biyanta shi daban kafin a zo maganar tumuninta. Kuɗin likkafani da haƙar kabari da ƙanena ya ranto sun kama dubu hamsin, su ne ma farkon abin da aka fitar. Akwai kuma wasiyyar dubu ɗari da ya yi a gaban shaidu biyu don gyaran rijiyar masallacin unguwa, wadda ba ta kai ko kusa da sulusin dukiyar ba, kuma ba ga magaji aka yi ta ba, don haka ta wuce babu gardama. Duka waɗannan suka tashi miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, daidai da abin da ke banki, aka bar miliyan goma sha biyu cif a matsayin abin rabo.

A tambaya ta uku ce na yi kuskuren da nake son in faɗa muku shi da bakina. Na ɗauki biro na raba miliyan goma sha biyu gida ashirin da huɗu, kowane ƙwallo ya kama dubu ɗari biyar. Na ba matar tumuni, ƙwallo uku. Na ba yarinyar rabi, goma sha biyu, tunda ita kaɗai ce. Na ba mahaifiyarmu sudusi, huɗu. Aka rage biyar, kuma biyar ɗin nan suka rabu a tsakaninmu shaƙiƙai ba tare da wata wahala ba, biyu nawa, biyu na ƙanena, ɗaya na ƙanwarmu, bisa ƙa'idar namiji yana da rabon mata biyu. Wato ni miliyan ɗaya, ƙanena miliyan ɗaya, ita dubu ɗari biyar. Yadda lissafin ya fita sumul ya sa na yarda da shi nan take, kuma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ina da bashin hayar shago a Legas, zuciyata ta yi saurin karɓar lambar nan fiye da yadda ya kamata. Mafi muni shi ne tun kafin magariba na riga na gaya wa ƙanena abin da zai samu.

Da dare na kasa barci, sai na ce bari in sake lissafin yadda aka koya mini shi tun asali. Akwai dabinon sadaka da ya rage a faranti, na tara ƙwallayensa na cika da tsakuwa har ashirin da huɗu, na tsuguna a tsakar gida da hasken tocila na fara zana da'ira. Na zana ta matar, ta yarinyar, ta Inna, tamu mu uku, sai kawai na ga yatsana ya wuce ya zana wata a ƙarshen layi. Wallahi, Malam, ban yi niyyar zana ta ba, hannuna ne ya tuna abin da kaina ya manta. Na tsaya ina kallon da'irar nan da babu komai a cikinta, jikina ya yi sanyi, domin na gane cewa na raba dukiyar mutum ban tambayi ko ya bar na ɓoye ba.

Da gari ya waye na sami Inna a ɗakinta na roƙe ta ta shiga wurin mai takaba ta tambaye ta a hankali. Ta daɗe a ciki, da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce mini wata biyu ke nan matar yayana ba ta ga al'adarta ba, marigayin ma ya sani, sun yi shiru ne saboda ta sha yin ɓari a baya. Aka kai ta asibiti aka tabbatar. Na koma kan ƙwallayena na duba abin da hakan yake nufi. In mace ta haifa, 'ya'ya mata sun zama biyu, rabonsu ya tashi daga rabi zuwa sulusi biyu, wato daga goma sha biyu zuwa goma sha shida, mu kuma namu ya sauko daga biyar zuwa ɗaya. In kuwa namiji ne, shi da yayarsa za su kwashe duk goma sha bakwai da suka rage bayan tumuni da sudusi, mu 'yan'uwa ɗa namiji ya tare mu, ba mu da ko ƙwallo guda. Ta kowace fuska dai miliyan ɗayan da na yi wa ƙanena albishir da ita babu ita.

Ranar da na tara dangi na gaya musu an dakatar da rabo sai an haihu tana cikin ranaku mafi nauyi a rayuwata. Ƙanena ya ce jiya na faɗi magana yau na canza, wa ya san abin da zan faɗa gobe, kuma yana da gaskiya a kan wannan, domin ni na yi gaggawar buɗe baki. Wani kawunmu ya ce a al'adar gidanmu in mutum bai bar ɗa namiji ba 'yan'uwansa ne suke riƙe gida, kada a bar gidan zuriya ya tafi hannun surukai. Ɗan'uwanmu na uba shi ma ya ji zafi da na gaya masa cewa shaƙiƙi namiji yana tare ɗan'uba, don haka ba ya cikin magada ko da me aka haifa. Ban iya ba su amsa da fasaha irin taku ba. Abin da na yi shi ne na zazzage ƙwallayen a gabansu na ce kowa ya matso ya ƙirga da hannunsa, na karanta musu aya ta 11, sannan na karanta ta 10 da ke gabanta, wadda take cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikunansu. Kawun namu ya yi shiru, ya ce a jira ɗin.

Jiran ya ɗauki wata bakwai. Bashi da wasiyya an biya su tun da wuri, tunda su ba su jiran haihuwa. Kayan shago muka sayar da izinin alƙali kafin yayinsu ya wuce, aka sayar da babur, aka ajiye kuɗin da shaidu. Ta haifi 'ya mace da asuba, kuma ungozoma da Inna da wata maƙwabciya duk sun ji kukanta, na kuma sa aka rubuta hakan saboda abin da kuka faɗa mana a kan kukan jariri. Da haihuwar takabarta ta ƙare, bayan suna kuma muka koma kan rabo.

Wannan karon ƙwallo ɗaya ne ya rage mana mu uku, kuma ba ya rabuwa biyu da biyu da ɗaya, sai na yi abin da kuke kira gyaran mas'ala. Na ƙirga kawunanmu, kowane namiji a matsayin biyu, mace a matsayin ɗaya, suka zama biyar, na buga biyar a cikin ashirin da huɗu ta zama ɗari da ashirin, kowane kaso ya kama naira dubu ɗari. Matar ta samu goma sha biyar, wato miliyan ɗaya da rabi. Yaran suka samu tamanin, kowace miliyan huɗu. Inna ta samu ashirin, miliyan biyu. Ni dubu ɗari biyu, ƙanena dubu ɗari biyu, ƙanwarmu dubu ɗari. Na haɗa su na ga sun koma miliyan goma sha biyu babu ragi babu ƙari, kamar yadda kuke cewa duk rabon da ba a mayar da shi an tara ba, ba a gama shi ba.

Saura maganar gida, wadda ita ce ta fi damun kowa. Da na duba sai na ga rabon yaran da na mahaifiyarsu in an haɗa ya kama miliyan tara da rabi, gidan kuma miliyan tara ne. Muka kai wa alƙali shawarar a bar musu gidan su uku a kan kuɗin da aka yi masa, a cika musu dubu ɗari biyar daga kuɗin kaya, Inna da mu kuma mu ɗauki namu daga miliyan biyu da rabi da suka rage. Ya sake aikawa aka duba kuɗin gidan, ya amince, aka rubuta rabon kowace a cikinsa da sunanta. Na kuma tuna kun ce baffa ba ya zama mai kula da dukiyar maraya don kawai shi baffa ne, in uba bai yi wasiyya da kowa ba alƙali ne yake naɗawa, don haka muka bar masa wannan ma ya yanke. A wurin rabon na karanta aya ta 8, wadda take cewa in dangi da marayu da miskinai sun halarci rabo a ba su wani abu a kuma gaya musu magana mai daɗi. Inna ta cire dubu ɗari daga nata, mu ma muka ɗan haɗa abin da ya sawwaƙa daga namu, aka ba ɗan'uwanmu na uba. Ya karɓa yana hawaye, kuma har yau shi ne yake kai yarinyar babba makaranta a kan kekensa. Ƙanena ya yi kusan shekara yana gaishe ni sama sama, amma yanzu mun shirya, ya ma sa wa 'yarsa sunan jaririyar.

Na sha tunani a kan abin da ya sa na manta tambaya ta uku da biro a hannuna amma na tuna ta da yatsa a ƙasa. A ganina dalilin shi ne ba ku taɓa yarda mu haddace hukunci mu wuce ba, sai mun tsuguna mun taɓa shi, mun yi kuskure a gabanku, mun ga wanda kuskuren zai cuta. A lokacin mukan ƙosa, muna ganin wasu zaurukan sun yi mana nisa a littafi mu muna nan muna ƙirga ƙwallon dabino har wata biyu a babi ɗaya. Yarinyar da aka haifa yanzu tana gudu a tsakar gidan mahaifinta, a cikin rabonta, kuma duk sanda na je Funtuwa ta rugo ta riƙe mini riga sai na tuna da'irar nan ta ƙarshen layi, in yi muku addu'a a cikin zuciyata.

Ina da wata tambaya da nake so in kawo muku da kaina. Akwai ɗakuna biyu na waje a gidan da aka sa haya, kuɗin yana taruwa da sunan yaran, kuma na tuna kun ce a mazhabarmu ana fitar da zakka daga dukiyar maraya in ta kai nisabi ta kuma shekara. Ina so in zauna gabanku da takardun ku duba mana yadda za a lissafa ta, tunda kuɗin wata wata yake shigowa, kuma rabon kowace yarinya daban yake. Na fi son in ji ta daga bakinku, a zauren nan, in da hali da ƙwallayen nan in har jakar tana nan.

In Allah Ya kai mu bayan Babbar Sallah zan taho gida, kuma wannan karon a Zariya zan fara sauka kafin in wuce Funtuwa. Mai kawo wannan takarda zai miƙa muku wata farar riga da na ɗinka da hannuna, aikin allura ne irin wanda na koya a garinku, da ɗan turare da dabino, ina roƙon ku karɓa ku sa mini albarka. Ina roƙon jikanku da zai karanta muku ita ya yi haƙuri da tsawonta. A gaishe mini da mutanen cikin gida, musamman Hajiya da take aiko mana da kunu a zaure lokacin sanyi, in tana raye Allah Ya ƙara mata lafiya, in ta riga mu Allah Ya haskaka kabarinta. Inna tana gaishe ku, ta ce a gaya muku tana sa ku a addu'a tun ranar da na ba ta labarin inda na samo karatun.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, Ya ƙarfafa idanu, Ya gafarta wa malamanku da iyayenku, Ya sa mu gana cikin alheri.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga almajirinku ɗan Funtuwa, mai zama kusa da ƙofa.